Allon FPGA mai araha: ƙarfen ya yi, kod ɗin da ya zo da shi ya ci mini kwana uku

Farashin kun san shi, mai sayarwar ma waɗanda ke cikin harkar sun san shi, ba sai na kama suna ba. Allon FPGA ɗin, wato guntun da ake tsara da'irar cikinsa da kod, ya iso cikin kwali mai kyau, agogonsa na 50 MHz, da fitilun LED, da ƙofar UART ta kan USB da yake musayar haruffa da kwamfuta ta ita. Na jona, fitila ta kama, na ɗora misalin farko ya yi aiki. A ranar har na rubuta wa abokaina cewa wannan kaya ya fi kuɗinsa.

Rigimar ta fara ne da misalin karɓar UART da ke cikin kayan da suka haɗo. In ka buga haruffa da hannu a gudun 115200, lafiya lau yake mayar maka da su. Da na tura fayil guda sai ya sandare. Wani lokaci bayan 'yan ɗaruruwan haruffa, wani lokaci bayan dubbai, bai taɓa tsayawa a wuri ɗaya sau biyu ba. Na canza waya, na canza kwamfuta, na zargi wutar unguwarmu har na koma kan batir. A simuleshan kuwa ko gezau, domin a can sigina ba ta san shigowa a karkace ba. Na yi wa mai sayarwa magana, ya ce: "Oga, wannan kod ɗin kowa da shi yake aiki, ka duba wayarka." Wayar da na riga na canza sau biyu.

A rana ta uku na fitar da matakai huɗu na mai karɓar, `IDLE`, `START`, `DATA` da `STOP`, kowanne a kan fitilarsa. Manhajar Vivado da ke haɗa kod ɗin ta ba kowane mataki filif-fulof ɗinsa, wato ɗan ma'ajin da ke riƙe 0 ko 1, don haka dole a kullum fitila ɗaya ce rak za ta kasance a kunne. Na tura fayil, ya sandare, na duba: duk huɗun a kashe. Na'urar ta faɗa wani hali da babu shi a cikin kod ɗin. Na buɗe fayil ɗin da kyau, sai ga `rx`, layin da haruffa ke shigowa ta kansa, an ɗauko shi daga ƙafar guntun an zuba shi kai tsaye cikin `if (!rx)`. Babu sinkironaiza ko ɗaya da zai daidaita siginar da agogon allon.

Ga abin da ke faruwa. Filif-fulof yana ɗaukar abin da ke bakinsa ne a daidai bugun agogo, kuma yana da sharaɗi: sigina ta natsu kaɗan kafin bugun da kaɗan bayansa, abin da rahoton lokaci ke kira `setup` da `hold`. Kwamfutar da ke turo haruffa ba ta san agogon allona ba, agogonta daban, don haka ba dade ko ba jima sai ta sauya sigina a cikin wannan 'yar tagar. In haka ta faru, filif-fulof na iya tsayawa a tsaka, ba 0 ba, ba 1 ba, kamar kwabon da aka wulla ya sauka a gefensa yana lilo. Zai faɗi, amma ba wanda zai ce maka yaushe ko ta wane ɓangare. Shi ne metastabiliti, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1973 Chaney da Molnar suka wallafa abin da suka gani na wannan hali.

In za a faɗi gaskiya, abin da ya fi cizona ɗan'uwansa ne. `rx` ɗin yana zuwa wa filif-fulof biyu, na `IDLE` da na `START`, ta hanyoyi biyu masu tsawo daban a cikin guntun. Idan saukar sigina ta zo dab da bugun agogo, na farko ya ga 0 ya kashe kansa, na biyu bai gani ba tukuna, bai kunna ba. Shi ke nan, babu mai riƙe da mataki. Da hannu haruffa nawa za ka buga? Fayil kuwa haruffa 11,520 yake turowa a sakan, kowanne caca ce.

Maganin cutar biyun ɗaya ne, kuma layi biyar ne:

```verilog
(* ASYNC_REG = "TRUE" *) reg rx_a = 1, rx_b = 1;
always @(posedge clk) begin
  rx_a <= rx;
  rx_b <= rx_a;
end
```

Daga nan duk inda kod ya ce `rx` sai ka mayar da shi `rx_b`. `rx_a` shi kaɗai ke fuskantar waje, shi ke shan dukan. In ya yi lilo, yana da kusan nanosakan 20 kafin `rx_b` ya tambaye shi, kuma duk sauran da'irar amsa ɗaya take ji daga bakin `rx_b`. Kada ka sa komai tsakaninsu, kada kuma ka ja `rx_a` zuwa wani wuri. Alamar `ASYNC_REG` ita ke gaya wa Vivado ya ajiye su kusa da juna, don kada tsawon hanya ya cinye lokacin natsuwar.

Na zauna na yi lissafin don in gamsar da kaina, da wannan ƙa'idar ta matsakaicin lokaci tsakanin kuskure da kuskure: `MTBF = e^(t/τ) / (Tw · fclk · fdata)`. A ce faɗin tagar haɗarin nanosakan 0.1 ne, kuma sigina na sauyawa sau 50,000 a sakan. Da agogon 50 MHz, sau 250 ke nan a kowane sakan ake taka tagar. Amma yiwuwar lilon ya ɗore tana raguwa da kusan ninki 2.7 duk bayan `τ` guda, wato ma'aunin lokacin natsuwar filif-fulof. A ce `τ` nanosakan 0.2 ne, aka bar masa nanosakan 18 ya natsu: `e^90` ke nan, lamba mai alƙaluma 40. Ka raba ta da 250, har yanzu ta wuce shekarun duniya nesa ba kusa ba. In kuwa nanosakan 1 kawai ya rage masa, `e^5` kusan 148 ne kawai, kuskure ya fi ɗaya a sakan. Shi ya sa a agogo mai tsananin gudu ake ƙara na uku. Haɗarin bai zama sifili ba, an dai tura shi can nesa.

Kuɗin maganin jinkirin bugu biyu ne, nanosakan 40, alhali ɗigon UART guda bugu 434 yake ɗauka. Bayan gyaran na bar shi yana karɓa dare guda, haruffa sama da miliyan 300, da asuba na tarar da shi yana aikinsa.

Da na huce sai na ce to, allon bai da laifi. Sai na buɗe misalinsu na gaba, mai ƙidaya, na ga sun tsallakar da lamba mai ɗigo takwas daga wani agogo zuwa wani ta hanyar jera filif-fulof bibbiyu a kan kowane ɗigo. Wato sun san dabarar, sun sa ta inda ba ta aiki. Daga 127 zuwa 128 duk ɗigo takwas ke sauyawa tare, wasu su iso a wannan bugun, wasu a na gaba, ka karanta 255 ko 0. Wannan wurin lambar Gray yake so, wadda ɗigo ɗaya kawai ke sauyawa a kowane ƙidaya, ko FIFO, ma'ajin da ke jera bayanai su fita yadda suka shiga. Maɓallan allon ma haka: sinkironaiza ba ya hana maɓalli karkarwa, wannan sai an jira 'yan milisakan, su kuwa ko ɗaya ba su yi ba.

Ƙarfen zan sake saya. Ɗalibi mai koyo shi kaɗai kuwa, wanda zai ɗauka misalan nan malamai ne, ba zan tura shi ba. Na aika wa mai sayarwa layukan biyar ɗin nan da hoton fitilun a kashe. Ya karanta, ya turo mini alamar babban yatsa, fayil ɗin kuma har jiya yana nan yadda yake.