Kafin ki zuba kuɗi a sabon obin: me ya kamata ki fara saya in kek ɗinki na lotsawa?

Duk macen da kek ya taɓa ba wa kunya, abin da take fara zargi shi ne obin. Ni ma haka na yi shekaru, ina ganin da zarar na rabu da tukunya da yashi na sayi babban obin mai gas, shi ke nan na huta. Na tara kuɗin adashi na saya, kuma kek na biyu da na gasa a cikinsa ya fito da rami a tsakiya kamar an dangwala masa gwiwar hannu. Don haka idan kina da ɗan kuɗi a hannu, kina tunanin obin za ki saya, ko mikisa, ko ma'aunin zafi, ko sikeli, ki ɗan dakata ki fara yanka kek ɗin da ya lalace ki duba cikinsa. Shi zai gaya miki abin da ba ki da shi.

Kek yana tashi ne da iskar da kika kama lokacin buga bota da sukari, da wadda bekin fauda ke saki idan ya ji laima da zafi. Ƙwai da fulawa su ne ginin da ke riƙe wannan iska, amma ba sa riƙewa sai sun dahu, kuma tsakiya ce ke dahuwa a ƙarshe. Idan iskar ta fi ƙarfin ginin, ko aka katse zafi kafin tsakiya ta kama jikinta, sai ya lotsa. Idan kuma ginin ya fi ƙarfin iskar da maiƙon, wato fulawa ta yi yawa, ko an yi ta bugu bayan an zuba ta, ko ya daɗe a wuta, sai ya fito a cushe, a bushe, mai shaƙe wuya sai da ruwa. Ki lura, a cikin waɗannan dalilai kaɗan ne laifin obin. Mafi yawansu awo ne.

Mikisa ba zan ɓata miki lokaci a kanta ba. Tana rage gajiya, shi ke nan, kuma a hannun wadda ba ta sani ba ita ce ma ke cushe kek, domin ana barin ta tana gudu bayan an zuba fulawa har kwaɓin ya fara danƙo kamar na burodi. Muciya da kwano sun gasa kek ɗin biki tun kafin a san ta. Ƙaramin obin mai lantarki kuwa, in dai unguwarku irin tamu ce da ake ɗauke wuta ba sallama, kek ɗinki yana minti 20 a ciki za a ɗauke, kuma babu addu'ar da za ta tayar da tsakiyar nan.

Sikeli shi ne abin da nake cewa a fara saya, kuma ba na ɓoye son da nake masa. Ba irin mai allura na masu sayar da nama ba, wanda ba ya ganin bambancin giram 20. Ƙarami mai nuna lamba, mai auna giram ɗaiɗai har zuwa kilo 5, mai maɓallin da aka rubuta TARE, wanda idan kika danna yake mayar da lamba sifili bayan kin ɗora kwano. Da shi kwano ɗaya ya ishe ki: ki zuba bota, ki danna, ki zuba sukari, ki danna.

Bari in nuna miki da haɗin da nake yi kullum, na kwanon gashi zagayayye mai faɗin inci 8. Bota giram 250, sukari giram 250, fulawa giram 250, ƙwai 5, domin ƙwai madaidaici ba tare da ɓawo ba yana kai wajen giram 50, sai bekin fauda ƙaramin cokalin awo 2 a shafe. A littafin da na fara koyo da shi, an rubuta fulawar kofi 2 ne. Kofi ɗaya idan aka zuba fulawa a hankali da cokali aka shafe baki, wajen giram 125 ne. Amma wa ke yin haka? Cusa kofin muke yi cikin buhu mu ɗebo, mu ɗan bubbuga shi a tebur. Ranar da na sayi sikeli na auna irin ɗibar da na saba, sai ga giram 155 a kofi ɗaya. Kofi 2 ya zama 310 ke nan, ƙarin giram 60 a kan ƙwai da botar da ba su ƙaru ba. Shi ne kek ɗin nan da yake tasowa da tozo, ya tsage a sama, washegari ya zama kamar gurasar jiya. Kuma wai ma kofin awo ne a hannuna. Wasu da gwangwanin madara suke awo, wanda bai kai kofi ba, wasu da kofin shayi, kowace da nata, sannan a zo ana mamakin yadda haɗi ɗaya ya ba mutum biyar kek iri biyar.

Idan za ki saya, ki gwada shi a gaban mai shago. Ki riƙo ƙunshin taliya da ba a buɗe ba mai giram 500 ki ɗora, ya nuna kusa da haka, da ɗan ƙarin nauyin leda. Ki ɗauke ki sake ɗorawa sau uku, a tsakiya da gefe. In lamba tana yawo, 490 yanzu 520 anjima, ki ajiye masa kayansa. Ki zaɓi mai cin batir irin na rimot, domin mai batir kamar kwabo ranar da ya mutu ana gobe Sallah ba za ki samu a shagon unguwa ba. Iyakarsa ɗaya: ba ya iya ƙananan abubuwa sosai, don haka bekin fauda sai da cokalin awo na gaskiya mai mililita 5, ba cokalin shayin da ke cikin kwando ba.

Bayan sikeli sai ma'aunin zafi, ɗan ƙaramin nan mai kama da agogo da ake ratayawa cikin obin. Irin wannan kek yana son digiri 170 zuwa 180, kuma lambar da ke jikin murɗin obin sau da yawa fata ce kawai. In zafi ya yi yawa, sama ta yi ja ta rufe alhali ciki ruwa ne, ke kuma ki ga launi ki sauke, minti biyar ya zube. In ya yi kaɗan, ki yi ta ƙara lokaci har ya bushe. Ma'aunin yana aiki har a tukunya da yashi, ki sa shi ciki ki rufe, ki bar tukunyar ta yi zafi kamar minti 15 kafin kek ya shiga. Da waɗannan biyun, tukunyar da kike rainawa za ta ba ki abin da obin mai tsada ba zai ba wadda ke awo da ido ba. Sai dai ki riƙe hannunki: kada ki buɗe kafin minti 25 zuwa 30, kada ki cika kwano ya wuce kashi biyu cikin uku, kuma tsinke a tsakiya ake soka shi, ba a gefe ba.

Yanzu ga abin da ya ƙona ni, wanda har yau idan na tuna sai na ji raina ya sosu. Na daɗe ina sayen bekin fauda na awo, wanda ake ƙullawa a leda, a wani shago da ba zan kira suna ba. Kek ɗina ba ya tashi, sai na riƙa ƙarawa, daga cokali 2 zuwa 3, har na zauna a kan 4, na ɗauka haka haɗin yake. Ana saura kwana biyu walimar 'yar yayata, na ce bari in yi abin arziki, na sayi sabon gwangwani a rufe. Na zuba cokali 4 ɗin da hannuna ya saba. Ta gilashin obin ina kallo ya taso har ya leƙo bakin kwano, na kira yayata na ce Yaya zo ki gani. Kafin ta iso ya fara nutsewa. Kwano uku, duk da rami, gefe ya yi manyan ƙofofi, ga wani ɗaci-ɗaci a harshe. Yaya ta ɓalli kaɗan ta ɗanɗana, ta ce, "Ke dai ki ce yara su cinye." Washegari na zuba ragowar na ledar a ruwan zafi, ko motsi bai yi ba. Ashe shekara da shekaru rabin mataccen gari nake saye.

Don haka ki ji ni da kyau. Bekin fauda laima ce ajalinsa, kuma leda da aka ƙulla ta kwana a shago har damina ta wuce ba ta kare shi daga komai. Ba ki san ranar da aka buɗe buhun ba, ba ki san ko an ƙara masa wani farin gari don ya yi auki ba. Ki sayi na gwangwani, ƙarami, ki duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ki kuma duba murfin ciki ba a taɓa ɓalle shi ba. In kika ga wurin kwanan wata a kankare, ko an liƙa wata takarda a kai, kada ki saurari rantsuwar kowa. Ko sabo ne, ki gwada kafin ki fasa ƙwai: rabin ƙaramin cokali a cikin rabin kofin ruwan zafi. Mai rai nan take zai yi kumfa yana shuuu. Kuma ki tabbata ba bekin soda aka miƙo miki ba, domin a leda kamarsu ɗaya, shi kuwa ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, zai bar miki ɗanɗanon sabulu.

Bota ma haka. Wadda ake shafa wa burodi mai laushin nan sau da yawa ruwanta ya fi yawa, maiƙonta ya gaza, ba ta riƙe iska idan an buga. Ki nemi ta gashi, ki karanta bayan kwali, maiƙo ya kusa kashi 80 cikin 100. Ta awo da ake ɗiba daga bokiti, ki shinshina, ki murza kaɗan a yatsa, in tana tsattsafo da ruwa ko tana warin tsohon mai, ki wuce. A watannin zafi kada ki yarda da wadda ta narke a rana ta sake daskarewa, za ki yi ta bugu ba za ta yi fari ba, kek ɗin ya fito da wani layi mai danƙo a ƙasa. Da hunturu kuma akasin haka ne, takan yi tauri, sai ki fito da ita da ƙwan tun da wuri su saki jiki, amma ban da ɗora ta a wuta.

Ni yanzu duk gwangwanin da na buɗe sai na rubuta ranar a murfinsa da biro, in ya kai wata shida in sake gwada shi a ruwan zafi. Sikelin kuwa a cikin leda yake kwana, a saman durowa inda yara ba sa kaiwa, tun ranar da na kama ƙaramin yana ƙoƙarin hawa kai ya auna kansa.