Ruwan goron kamfanina da kala huɗu ta kasa fitarwa

Yajin daddawa da na tafarnuwa nake yi, ina zubawa a roba ina kai wa shaguna a Kano. Tun ranar da na fara, kalar tambarina ruwan goro ce mai haske, irin wadda ko daga ƙofar shago ka hango ta ka san kayana ne. Da kasuwa ta ɗan buɗe sai na sa aka buga mini sitika, aka yi mini kwali, aka kuma yi bana ta baje koli, kowanne a wuri daban. Ranar da na jera su a tsakar gida sai na ga ruwan goro uku. Sitikar ta yi duhu kamar jan bulo, kwalin ya koma ruwan ƙasa, banar kuwa ta karkata wajen ja. Fayil ɗaya ne na tura wa kowa, shi ya sa na ɗauka ha'inci aka yi mini.

Wannan sharhi kan maɗaba'ar da na koma ne daga baya, wadda na yi aiki da ita sau uku yanzu.

Zuwana na farko da faɗa na shiga, sitikar a hannu. Mai wurin, wani dattijo, bai ce komai ba. Ya ɗauko ɗan gilashin ƙara girma ya ɗora a kan sitikar ya ce, "Hajiya, leƙa nan." Da na leƙa sai na ga ashe babu tawada ruwan goro ko ɗigo a wurin. Ƙananan ɗigogi ne na ja mai ruwan hoda zube a kan ruwan ɗorawa, ido ne ke haɗa su daga nesa. Wannan shi ne bugun kala huɗu, wanda ake rubutawa CMYK: shuɗi, ja mai ruwan hoda, ruwan ɗorawa da baƙi, kowacce da farantin da ke buga ta a inji. A fayil ɗina an sa jan kashi 60, ruwan ɗorawa kashi 100. In injin ya ɗan ƙara jan, ko ɗigon ya baje a takarda fiye da yadda aka tsara, kalar ta tafi. Kuma ko da komai ya tafi daidai, ruwan goro mai haske sosai yana cikin kalolin da tawada huɗun nan ba sa iya kaiwa. Abin da nake gani a allon waya haske ne ke fitowa daga ciki, takarda kuwa sai dai ta maido da hasken da ya faɗo mata.

Sai ya ɗauko littafin kaloli na Pantone, mai buɗewa kamar mafici, ya ce in zaɓa. Na tsaya a kan 151 C. Irin wannan su ke kira sifot: tawada ce guda da ake kwaɓawa tun kafin ta hau inji, bisa awon da littafin ya rubuta, a buga ta shafe ɗaya ba ɗigo. Ya nuna mini 151 U kusa da ita. Tawadar ɗaya ce, amma C a kan takarda mai santsi aka buga ta, U a kan marar santsi wadda ke shanye tawada. Wallahi da ba lambar na gani ba, cewa zan yi kala biyu ne.

Na zaci tsada zai yi. Sitikata ba hoto a jikinta, ruwan goro ne da baƙin rubutu kawai, don haka faranti biyu aka yi maimakon huɗu. Abin da aka ƙara mini shi ne kuɗin tawadar da kuɗin wanke inji, domin dole a wanke robobin injin tas kafin a zuba sabuwar kala, in ba haka ba ragowar tawadar aikin baya ta gurɓata ta. A kan sitika 5,000 bambancin bai taka kara ya karya ba. Ya gaya mini gaskiya cewa da guda 200 nake so, da ya ce in yi amfani da injin dijital kawai. Da kuma akwai hoton barkono a jiki, da faranti biyar ke nan, huɗu na hoton ɗaya na tambari, nan ne kuɗin ke tashi.

Sitikar ta fito yadda nake so. Na zaro daga saman ƙunshin, tsakiya da ƙasa na gwada, ban ga bambanci ba.

Kwali ne ya ba mu wahala. Tawadar bugu ba fenti ba ce, ana ganin abin da ke ƙarƙashinta. In ka ɗora ruwan goro a kan kwali mai ruwan ƙasa, kwalin zai leƙo ta ciki ya dusashe ta, ko da kuwa lambar daidai take. Mafita biyu ya ba ni: a fara shimfiɗa farar tawada sannan a ɗora kalar a kai, ko in koma kwali mai farar fuska. Ya shafa tawadar a kan guntayen biyu, ya ce in dawo gobe, don tawada in ta bushe a takarda mai sha takan ƙara dusashewa. Na zaɓi mai farar fuska. Har yanzu bai kai sitikar ƙyalli ba, amma in an ajiye roba a cikin kwalin ka san 'yan gida ɗaya ne.

Bana kuwa bai yi mini alƙawari ba, kuma na ji daɗin hakan. Injin bana ba a zuba masa tawadar sifot, da kalolinsa na kansa yake kwaikwayo. Abin da ya yi shi ne ya sa aka buga ƙananan murabba'ai goma sha biyu a kan ainihin ledar banar, kowanne da nasa awon jan da na ruwan ɗorawa a rubuce a ƙasa. Muka fita waje da sitikar, muka tsaya a inuwa da hantsi muka zaɓi mafi kusa. A cikin shagon, ƙarƙashin ƙwan lantarki, wani murabba'in daban ne ya fi kama. Tun da a fili za a kafa banar, na rana muka ɗauka.

Inda suka ɓata mini rai shi ne bugu na biyu. Na ce a rufe sitikar da leda marar ƙyalli saboda maiƙon hannu, babu wanda ya gaya mini cewa ledar na kwantar da kala. Guda 3,000 suka fito a ɗan dushe. Da na yi magana sai yaron da ke kan inji ya ce ai lambar bai canza ba. Gaskiya ne, amma samfurin da na sa wa hannu babu leda a kansa, ya kamata a nuna mini sabo. Dattijon ya karɓi laifin ya rage mini kuɗi. Haka na yi amfani da su, sai dai na ƙi haɗa su da na farko a shago ɗaya. Ga kuma jinkiri: sun ce kwana biyar, sai da aka yi tara, wai suna jiran injin ya gama wani aiki kafin a wanke.

Yanzu akwai ambulan a durowata da samfuri uku a ciki, na sitika da ledarta, na kwali da na bana, kowanne da lambarsa da sa hannuna da na mai maɗaba'ar, su ma suna da nasu. A rufe nake ajiye shi don haske na cin kala. Wata mai zuwa zan koma a buga mini jakar leda, ya riga ya ce in taho da ambulan ɗin, kuma in shirya biyan kuɗin farar tawada ta ƙasa.