Garwashi, gaz, janareto ko sola: me za ka saya idan a rufaffen ɗaki za a kwana?

Lokaci biyu ne mutanen Damagaram suka fi sayen abin da ke ci da wuta. Na farko daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da ɗari ke sauka da asuba, ana toshe taga da tsumma saboda ƙurar hunturu. Na biyu Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wutar NIGELEC ta ɗauke, kowa na neman abin da zai juya masa fanka. Mai saye yakan tambayi kuɗi da ƙarko da yawan cin mai. Ni abin da nake so a fara tambaya shi ne inda abin zai zauna yana ci sa'ad da mutanen gida suke barci, domin amsar wannan ita ke raba kayan da suka dace da waɗanda ba su dace ba.

Duk abin da ke ƙonewa, gawayi ne ko fetur ko gaz, idan bai samu isasshiyar iska ba yana fitar da guba mai suna kabon monoksaid, wadda ake rubuta wa CO a jikin kaya. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko hawaye. Idan aka shaƙe ta sai ta kama jini a daidai wurin da iskar oksijin ke kamawa, kuma riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Mutum yana numfashi lafiya lau, amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun rabonsu.

Mu fara da gawayi, tunda shi ne mafi araha kuma shi aka fi amincewa da shi. Al'adar da aka saba ita ce a hura shi a tsakar gida, a bari hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi jajur, sannan a zuba a kasko a shiga da shi ɗakin maijego ko na tsoho. Ana ganin idan hayaƙi ya tafi haɗari ya tafi. Ba haka ba ne. Hayaƙi shi ne mai korar mutum waje. Garwashin da ya yi ja, toka ta fara rufe shi, yana ci a hankali da ƙarancin iska, kuma a wannan hali yana ta fitar da gubar ba tare da wata alama ba.

A lissafa da ɗaki irin na gidajen haya na siminti, mita 4 a tsawo, 3 a faɗi, 3 a tsayi, wato iskar da ke ciki mita kubik 36 ce. Ana auna gubar da ma'aunin ppm, kashi nawa ne cikin miliyan na iskar ɗaki. A 200 ciwon kai na zuwa cikin awa biyu zuwa uku. A 400 rai na cikin haɗari bayan kamar awa uku. A 800 mutum na iya suma cikin awa biyu. Kafin ɗakin nan ya kai 400, gram 17 kawai na gubar ake buƙata, alhali kilo guda na gawayi yana fitar da fiye da gram 100. Ke nan rabin kilo, abin da bai cika kasko ba, ya isa ya kai ɗakin sama da 1,000 idan babu inda iska ke fita. Gaskiya ne wani kaso na sulalewa ta ƙarƙashin ƙofa, shi ya sa mutane da yawa suka yi haka suka tashi da ciwon kai kawai. Amma daren da sanyi ya fi tsanani shi ne daren da ake ƙara gawayi, a kuma toshe ƙasan ƙofar, sai lissafin ya cika.

Don haka idan mai sayar da ingantaccen murhu, irin mai yumɓu a ciki, ya ce maka nasa ba ya hayaƙi, ka saya don girki a waje, yana rage cin gawayi sosai. Kada ka saye shi don ɗumama ɗaki. Ta fuskar wannan guba babu murhun gawayin da ya cancanci kwana da mutum, komai tsadarsa. Haka ƙaramin murhun shayi da samari ke shiga da shi ɗaki su rufo ƙofa.

Gaz ya fi gawayi tsabta nesa ba kusa ba, kuma tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 tukunyar kilo 6 ta shiga gidaje da yawa. Don girki shi nake ba da shawara. Lokacin saye ka sa a kunna maka kan: harshen wuta ya zama shuɗi, a tsaye. Idan ya yi ruwan ɗorawa, yana baƙanta gindin tukunya, to ba ya ƙonewa daidai, yana fitar da gubar, sai a goge ramukan ko a canza kan. Amma barin gaz a kunne don ɗaki ya yi ɗumi kuskure ne iri ɗaya da na kasko, domin yayin da iskar ɗakin ke raguwa, wutar da ta fara shuɗiya takan lalace.

Abin da ya rage don sanyi ba shi da ban sha'awa, amma shi ne ke aiki: bargo mai kauri, hula da safa ga yara, katifa ko tabarma biyu tsakanin jiki da siminti. Jariri ya fi samun ɗumi a jikin uwarsa. Na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki ba ta fitar da wannan guba ko kaɗan, sai dai tana jan wat 1,000 zuwa 2,000, za ka gani a takardar wuta, kuma a nisanta ta da labule da gidan sauro.

Janareto, ko gurup kamar yadda muka fi faɗa, lamarinsa ya fi na gawayi sauri. Ƙaramin gurup na fetur guda ɗaya na iya fitar da gubar da ta kai ta ɗaruruwan motoci na zamani, saboda ba shi da abin tace hayaƙi a salansa. A ɗaki rufe, mintuna kaɗan sun isa. Kuma ba a shigar da shi ciki don jahilci. Tsoron ɓarawo ne, ko ruwan sama, ko ƙorafin maƙwabci, ko kuma wayar da aka saya ta yi gajarta. Sai a ajiye shi a zaure, ko a baranda gab da tagar ɗakin kwana, ko a ƙuryar shago a sauke ƙofa rabi. Buɗe ƙofa ko taga ba ya wadatarwa. Ƙa'idar ita ce fili, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa da taga, har da ta maƙwabci, bakin salansa na kallon nesa da ɗakuna.

Saboda haka kuɗin gurup ba kuɗin inji kaɗai ba ne. Ka haɗa da waya mai kauri, milimita 2.5, mai tsawon mita 15 ko fiye, da sarƙa da kwaɗo, da kejin ƙarfe mai rufin kwano wanda gefensa ke buɗe. Idan tsakar gidanka ba ta da wannan tazara, kamar yawancin gidajen cikin Birni da ɗakuna ke kewaye da ɗan fili, gurup ba naka ba ne. Akwai sabbin injuna masu kashe kansu idan gubar ta taru a kusa da su. Abu ne mai kyau, amma iskar da ke gefen injin suke aunawa, ba ta ɗakin da hayaƙin ya shiga ta taga ba. Marasa ƙara kuwa, shirunsu ne ma ke sa a matso da su kusa.

Wanda buƙatarsa fanka ce da fitila da cajin waya, sola ta fi masa. Fanka mai aiki da batir tana cin kamar wat 20. Awa takwas na dare wat-awa 160 ke nan, a ƙara ƙwan fitila biyu da wayoyi a ce 250. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1,200, kuma ko rabi kawai aka ja don kada ya mutu da wuri, an samu 600. Faranti mai wat 150 zai mayar da abin da aka ci a ranar Damagaram, muddin ana share masa ƙura. Kuɗin farko ya fi na ƙaramin gurup, kuma ba zai ɗauki firiza ko dutsen guga ba. Mai sayar da ƙanƙara da mai walda dole su nemi inji, su kuma nema masa fili.

Sai na'urar gargaɗi, 'yar ƙarama mai batir da ke ƙara idan gubar ta taru. A nan ake yawan sayen abin da ba shi ba, domin mai gano hayaƙin gobara da mai gano yoyon gaz kamarsu ɗaya da ita, kuma ba sa jin wannan guba. Ka duba an rubuta CO, da lambar ƙa'ida EN 50291. Mai wannan lamba an yi ta ne ta yi ƙara cikin minti 60 zuwa 90 a 50 ppm, cikin minti 10 zuwa 40 a 100, sannan kafin minti 3 a 300. Ka duba ranar da aka ƙera ta, don abin da ke jin gubar a ciki yana mutuwa bayan shekara 5 zuwa 10 ko da ba a yi amfani da ita ba. Maɓallin gwaji ƙara da batir yake gwadawa, ba ya nuna cewa tana jin gubar. A ɗakin kwana a sa ta daidai tsayin kan mai barci, ba bayan labule ba. Samunta ba izinin shigar da garwashi ba ne.

Inda babu na'ura, jiki ne ke faɗa, kuma yana faɗa da alamun da suka yi kama da zazzaɓin sauro: ciwon kai a goshi, jiri, tashin zuciya, amai, kasala. Abin da ke bambanta su shi ne yawanci jiki ba ya zafi, mutanen ɗaki ɗaya suna kamuwa lokaci guda, kuma wanda ya fita alwala sai ya ji sauƙi, ya dawo abin ya dawo. Jariri yakan ƙi nono, jikinsa ya saki, barcinsa ya yi nauyi. Idan abin ya yi nisa mutum na rikicewa, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa ko da yana ganin ƙofa, wasu su yi jijjiga, har a ɗauka iska ce ko sammu ko abincin jiya. Mai barci kuwa yana iya wuce duk waɗannan bai farka ba.

Idan ka tarar da haka, buɗe ƙofa, fitar da kowa fili, kashe inji, ka kira 'yan kwana-kwana a lamba 18 ko ka nemi mota. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko ruwa, zai iya shaƙewa. Maganin oksijin ne: a iskar waje jini na ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya zubar da rabin gubar, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Wanda ya suma, da mai ciki, da jariri, da mai ciwon zuciya, a kai su Babban Asibitin Zinder ko mafi kusa mai oksijin ko da sun farfaɗo, domin mantuwa da rikicewa kan biyo baya bayan kwanaki ko makonni. Ka faɗa wa likita a fili cewa da gawayi ko gurup aka kwana, saboda 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa ba ta bambanta wannan guba da oksijin, tana iya nuna 98 ga mutumin da jininsa ya cika da ita.