Matar da ta rubuta min wasiƙar hita a Zaragoza: aikinta ya ci, amma ina da ƙorafi

Masu zama a garin Zaragoza na ƙasar Sifaniya sun san teburin nan da ke cikin shagon tura kuɗi, inda wata mata 'yar ƙasar ke rubuta wa baƙi wasiƙu da Sifaniyanci ana biyanta. Ita na kai wa matsalar hitar ruwan gidanmu da ta mutu a tsakiyar hunturu, kuma wallahi na ga bambanci. Kafin nan mai gidan ya mayar da ni abin wasa. In na tura masa saƙon murya sai ya amsa da kalma ɗaya, gobe, goben kuma ba ta zuwa. Muna dafa ruwa a tukunya mu yi wa yara wanka, alwalar asuba kuwa sai wanda ya gani, ga iskar garin nan mai ratsa ƙashi.

Da na zauna gabanta zuciyata tafasa take. Na ce ta rubuta masa cewa ba zan biya hayar wata mai zuwa ba sai ya gyara. Sai ta ajiye biro ta ce wannan ita ba za ta rubuta ba. Ta yi min bayani cewa a dokar haya ta Sifaniya, wato Ley de Arrendamientos Urbanos ta 1994, rashin biyan haya dalili ne da mai gida zai iya rushe yarjejeniya da shi ya nemi kotu ta fitar da kai, ko da kuwa shi ne ya fara saɓa alkawari. Wato da hannuna zan miƙa masa sandar da zai doke ni. Wannan gargaɗin kaɗai ya isa kuɗin da na ba ta.

Abin da ta rubuta gajere ne, bai cika shafi ba. A kan imel ɗin ta sa matsalar da adireshin gidan, don in ana neman saƙon wata rana a same shi nan take. Ta buɗe da "Estimado Sr." da sunan danginsa, ta yi masa magana da sigar girmamawa tun daga farko har ƙarshe, duk da cewa a waya ni da shi ba ma wannan. Daga nan ta kawo ranar da hitar ta daina aiki, da ranar da na fara sanar da shi, da abin da ake gani: ruwa na ɗiga daga ƙasan tankin, kuma da an kunna sai wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Ba ta saka wahalar yara ba sai layi ɗaya, cewa akwai ƙananan yara a gidan kuma babu ruwan zafi. Na so ta ƙara, ta ce hotuna biyu da muka haɗa sun fi dogon kuka.

Inda wasiƙar ta yi ƙarfi shi ne jimla biyu a tsakiya. Ta farko ta tuna masa da sashe na 21 na dokar, wanda ya ɗora wa mai gida duk gyaran da ake bukata don gidan ya zaunu, ba tare da ya ƙara haya saboda gyaran ba. Ta biyu kuwa ga ta yadda take: "Le ruego que envíe a un técnico en un plazo de 48 horas." Roƙo ne a baki, ina roƙonka ka turo mai gyara cikin awa 48, amma wa'adi ne a zahiri. Ta gaya min gaskiya cewa dokar ba ta yanke adadin kwanaki ba, mu ne muka sa wa'adin da ya dace da gidan da ba ruwan zafi. Sannan ta ƙara cewa in lokacin ya wuce, zan kira mai gyara da kaina in aiko masa da rasit ya biya, domin wannan sashen ya yarda ɗan haya ya yi gyaran gaggawa ya nemi kuɗinsa nan take, matuƙar ya sanar da mai gida tukuna. Ta sa lokutan da ake samun mutum a gida, ta rufe da "Atentamente" da sunana. Babu zagi, babu kalmar kotu ko lauya. Mutumin da ya yi ta ja min rai ya kira ni a daren nan.

To a nan ne raina ya ɓaci, kuma har yanzu in na tuna sai ya sake ɓaci. Hitarmu ta lantarki ce, tankin nan mai lita 80 da ke rataye a bango, wanda su ke kira termo. Ita kuma ta rubuta calentador, wanda a bakin yawancin mutane a nan ke nufin na gas. Mai gidan yana da gidaje da yawa, bai tuna wanne ke ina ba, bai kuma buɗe hotunan ba, sai ya turo mai gyaran gas. Bawan Allah ya duba, ya ɗaga kafaɗa, ya tafi. Muka shiga ƙarshen mako da ruwan sanyi. Mutumin da sana'arsa ke nan ai tambayar farko da ya kamata ya yi ita ce gas ko lantarki, kuma na nuna mata hotunan da idonta. Da na koma don a gyara kalma ɗaya, sai ta ce saƙo na biyu kuɗinsa daban. Na biya don ba ni da zaɓi, amma ban ji daɗi ba, kuskuren daga teburinta ya fito.

Duk da haka saƙo na biyun ne ya kashe wata rigima da ke tafe. Mai gidan ya fara cewa ƙananan gyare-gyare na lalacewar yau da kullum ɗan haya ke biya, kuma gaskiya ne sashen ya faɗi haka. Sai ta sa na nemi mai gyaran hitar lantarki ya rubuta abin da ya gani. Ruwan wannan yanki yana tara farin dutse a cikin tanki kamar kanwa, ya rufe ƙarfen da ke dumama ruwan har ya ƙone, shi ya sa wuta ke ɗaukewa. Wannan ana iya canza shi. Amma ɗigar da ke fitowa daga jikin tankin kansa tsatsa ce ta huda shi, kuma wannan ba ya gyaruwa, sai sabo. Tsufa ne ya kashe hitar, ba wani abu da muka yi ba. Da wannan takardar ta isa gare shi, bai sake maganar raba kuɗi ba, aka kawo sabuwa.

Ta kuma ce da ya yi shiru, mataki na gaba shi ne burofax, wato wasiƙar da ake turawa ta gidan waya na Correos, mai shaidar karɓa da shaidar abin da aka rubuta, tunda imel mutum zai iya cewa bai gani ba. Ba mu kai nan ba. Wanda zai je wurinta ya tafi da yarjejeniyar hayarsa, da hoton takardar da ke manne a jikin hitar mai ɗauke da samfuri da lita, ya sa ta karanta masa wasiƙar layi-layi kafin a tura, kuma ya tambayi kuɗin saƙo na biyu tun kafin a fara na farko.