Matsakaiciyar riba ko faɗuwa mafi zurfi: wanne sabon shiga zai fara dubawa?

"Jama'a, ina duba wasu asusun zuba jari guda biyu. Na farko matsakaiciyar ribarsa kusan kashi 17 cikin ɗari ce a shekara, na biyu kashi 5 kacal. Amma a ƙarƙashin na farkon an rubuta Max Drawdown 50%, na biyun kuma 5%. Ni sabo ne, wanne zan kalla?"

Ɗan'uwa, fara da lamba ta biyun, wato Max Drawdown. Abin da take gaya maka shi ne faɗuwa mafi zurfi da asusun ya taɓa yi, daga ƙololuwar da ya kai zuwa mafi ƙasan inda ya sauka kafin ya sake haura wannan ƙololuwar. Ana cire ƙasan daga ƙololuwar, a raba da ƙololuwar. Lura da kyau, daga ƙololuwa ake aunawa, ba daga kuɗin da aka fara zubawa ba.

Bari mu jera su da misalin da zai ba da irin lambobinka, kowanne da jarin dubu 100 na shekara uku. Na farko ya ci kashi 50 ya koma dubu 150, ya faɗi kashi 50 ya dawo dubu 75, ya sake cin kashi 50 ya tsaya a 112,500. Ka haɗa 50 da 50, ka cire 50, ka raba uku, ga kusan kashi 17 ɗin da aka nuna maka. Na biyu ya ci kashi 10 ya zama dubu 110, ya sauka kashi 5 zuwa 104,500, ya ƙara kashi 10 ya kai 114,950. Matsakaicinsa kashi 5 ne, amma shi ya ƙare da kuɗi mafi yawa.

Dalili shi ne faɗuwa da farfaɗowa ba ma'auninsu ɗaya ba. Wanda ya yi asarar kashi 20 sai ya ci kashi 25 kafin ya koma inda yake. Wanda ya rasa rabi kuwa sai abin da ya rage ya ninka. Matsakaiciyar da aka samu ta hanyar haɗawa da rabawa ba ta san da wannan ba, tana ɗaukar hawan 50 da saukar 50 a matsayin sun kashe juna, alhali sun cinye kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka.

Abin da ya fi damuna game da sabon shiga ma ba lissafin ba ne. Yawanci sai abu ya yi tashe yake jin labarinsa, wato ya shiga a dubu 150, ba a dubu 100 ba. Ribar shekarar farko ta wasu ce, faɗuwar kuwa gaba ɗayanta tasa ce. Sannan matsakaiciyar riba ta wanda ya zauna har ƙarshe ce. Mutumin da bai taɓa ganin rabin kuɗinsa ya tafi ba, da wuya ya iya zama, sai ya sayar a ƙasa, farfaɗowar ta zo ba ya nan. Kada ka ɗauka sai ƙananan asusu ke yin haka. Ma'aunin S&P 500 na Amurka, mai bin farashin hannun jarin manyan kamfanonin ƙasar, ya sauka kusan kashi 57 daga Oktoban 2007 zuwa Maris na 2009, bai sake taka tsohuwar ƙololuwarsa ba sai 2013.

Wannan ya kawo mu ga abin da lambar Max Drawdown ba ta faɗa. Zurfin rami take nunawa, ba ta nuna daɗewar da aka yi a cikinsa, don haka buɗe jadawalin ka ƙirga watannin da aka ɗauka kafin a dawo. Duba kuma tsawon tarihin. Asusun da aka buɗe bara, kasuwa na ta hawa, faɗuwarsa ta kashi 5 ba shaida ba ce, ba a gwada shi ba tukuna. Ka tambaya ko da farashin kullum aka yi lissafin ko da na ƙarshen wata, domin na wata-wata yana ɓoye ramukan da aka faɗa aka fito a tsakiyar wata. Kuma ko ta yi daidai, tarihi ce, ta gaba tana iya fin ta zurfi.

Ga yadda za ka yi aiki da ita. Yanke adadin da za ka iya gani ya zube ba tare da ka sayar ko ka taɓa kuɗin buƙatunka ba. A ce dubu 20 ne. A asusun da ya taɓa faɗuwa rabi, iyakar abin da za ka zuba dubu 40 ne, ni kam zan ce ka yi ƙasa da haka saboda faɗuwar da ba a gani ba tukuna. Idan asusun biyu sun wuce wannan gwajin kuma tarihinsu ya ratsa shekaru iri ɗaya, sannan ka kwatanta ribarsu, ita ma ka nemi wadda aka lissafa daga kuɗin farko zuwa na ƙarshe.