Gargaɗi ga masu shaguna a Zariya: ku kiyayi masu sayar da taurarin Google

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu sana'a ne da shagonsu ke fitowa a Google Maps, musamman masu gyaran waya, gidajen abinci, teloli da masu masauki, daga Sabon Gari da PZ har Samaru da Kongo. Akwai masu bin mutane a WhatsApp suna tallar sharhin yabo da taurari biyar, wai ka biya su cika maka shafi cikin kwana biyu. Wasunsu ma sai sun fara ɓata maka suna, sannan su zo da maganin a hannu.

Ga yadda abin ke tafiya. A ce mai gyaran waya ne a PZ, kwastomomi 20 sun yi masa sharhi, makinsa 4.6. Ka tara taurarin nan, 92 ke nan. Dare ɗaya sai sharhi biyar su faɗo, kowanne tauraro ɗaya. Jimla ta zama 97, a raba gida 25, maki ya sauko 3.9. Ɗalibin ABU da allon wayarsa ya fashe, yana neman inda zai kai, da ya ga 3.9 kusa da mai 4.5 ya wuce, ba zai tsaya bincike ba. Shi ya sa ƙananan shaguna suka fi shiga hannunsu: wanda yake da sharhi ɗaruruwa, biyar ba za su girgiza shi ba.

Washegari sai baƙuwar lamba ta turo saƙo cikin ladabi: “Ranka ya daɗe, mun ga maƙiya sun taso maka. Mu ƙwararru ne, za mu goge su, mu ƙara maka yabo talatin.” To wa ya gaya musu da wuri haka? Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, sharhin da aka rubuta a Google mutum biyu ne kawai ke iya cire shi: wanda ya rubuta, ko kamfanin Google da kansa. Ko mai shago ba shi da ikon gogewa. Saboda haka duk wanda ya yi maka alkawarin gogewa cikin awa ɗaya, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma shi ya rubuta. Idan ka biya, ka nuna masa kai mai biya ne, zai dawo wata mai zuwa da sababbin sunaye.

Gane sharhin bogi ba wuya. Taɓa sunan wanda ya rubuta, za ka ga sauran abin da ya taɓa rubutawa. Sau da yawa naka ne kaɗai, ko kuma ka tarar a mako guda ya zagi otal a Legas, ya yabi asibitin haƙori a wata ƙasa, ya dawo ya zagi shagonka. Maganar kuma ba ta da kai: “mugun wuri, kada ku je”, babu ranar da ya zo, babu irin wayar, babu kuɗin da ya biya. Kwastoman gaske da ransa ya ɓaci ba ya rasa bayani. Zai ce an sa masa allon Tecno, bayan sati ya fara rawa, ya dawo aka ce oga ba ya nan.

Idan masu sharhin bogi suka taso maka, kada ka yi ciniki, kada ka yi zagi. Ɗauki hoton saƙonnin da lambar da lambar asusun bankin da suka turo, ka adana. Sannan ka buɗe kowane sharhi, ka danna ɗigo ukun da ke gefensa, ka zaɓi Report review, ka nuna cewa na bogi ne. Google na ɗaukar kwanaki kafin ya duba, kuma ba kowanne yake cirewa ba, gaskiya ke nan. Kafin nan ka amsa a ƙarƙashin kowanne da layi biyu: “Mun duba littafinmu ba mu ga wannan suna ba. Idan ka taɓa kawo mana aiki, kira mu mu gyara.” Ba don shi kake rubutawa ba, don wanda zai karanta gobe ne.

Yanzu ɓangaren da ya fi ruɗin mutane, wato sayen yabon. Wani zai ce ai ba wanda ya cuta, talla ce kawai. Ni ban yarda ba. Shaidar zur ce aka biya kuɗi aka yi, kuma mai saye da ya dogara da ita an yaudare shi. Ban da haka, dokar Google ta hana sharhin da aka saya, har da wanda aka ba mutum ragi ko katin waya don ya rubuta. Idan na'urarsu ta gano, tana share su gaba ɗaya, tana iya hana shafinka karɓar sabon sharhi na wani lokaci, har ta liƙa sanarwa cewa an cire sharhin bogi. Kuɗinka ya tafi, ga tabo. A nan gida ma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana yaudarar mai saye game da kaya ko aiki. Kuma mutanen Zariya ba su da wuyar ganewa: mai tuwo a Tudun Wada ya kwana ya tashi da yabo talatin cikin Turanci iri ɗaya, da sunayen da ba a taɓa ji a unguwar ba, wa zai gaskata?

Hanyar halal ta fi jinkiri amma kyauta ce. A cikin shafin kasuwancinka na Google akwai inda aka rubuta Ask for reviews, zai ba ka linki. Lokacin roƙo shi ne sa'ad da mutum ya kunna wayarsa ya ga ta tashi, fuskarsa ta washe. A nan za ka ce, “Malam, in ba damuwa zan turo maka linki, ka rubuta yadda ka ga aikin, ko da Hausa ne.” Ka roƙi kowa, ba waɗanda ka san za su yabe ka kaɗai ba, domin zaɓe irin wannan ma Google ya hana. Kuma kada ka karɓi wayar kwastoma ka rubuta da hannunka, ko ka sa yaran shago su yi.

Idan kuma ƙorafin na gaskiya ne, ka bari zuciya ta huce kafin ka taɓa waya. Kada ka tona asirin mutum, ko da yana da bashinka, kada ka ce ƙarya yake. Ga irin amsar da ke aiki: “Hajiya, ki yi haƙuri. Allon da muka sa miki bai kamata ya lalace cikin sati ba. Ki dawo da ita ki nemi mai shagon, za mu canza ba tare da ƙarin kuɗi ba.” Ka cika alkawarin. Ita kaɗai ke da ikon gyara taurarinta, kuma kana iya sanar da ita haka sau ɗaya, ba tare da ka mai da shi sharaɗin gyaran ba.

Abu na ƙarshe da masu sayar da taurarin nan suke nema ya fi kuɗin haɗari. Za su ce ka turo lambar sirrin da Google ya aiko maka, ko ka sa adireshin imel ɗinsu a matsayin mai kula da shafin, wai don su yi aiki daga ciki. Wanda ya shiga haka yana iya canza lambar wayar shagon zuwa tasa, kwastomominka su riƙa kiran sa suna tura masa kuɗin kafin alƙalami da sunanka. Idan ka riga ka ba wani, ka shiga People and access a saitin shafin yau ɗin nan, ka cire duk sunan da ba ka sani ba, sannan ka canza kalmar sirrin imel ɗinka.