Rage hasken fitila ko gudun ƙaramin moto da PWM: wanne za ka saya?

PWM dabara ce ta kunna wuta da kashe ta da sauri, sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa ɗaya. Idan wutar 12V ta zauna a kunne rabin lokaci, fitila ko moto za su ji kamar 6V ake ba su. Ba kamar rezista ba, wadda take rage wuta ta hanyar mayar da ita zafi, a nan abin da ke ɓata kaɗan ne. Amma duk wannan bayani na wutar batir ko adafta ne. Ƙwan da ke aiki kai tsaye da wutar gida na'urarsa daban ce, kada ka haɗa shi da ko ɗaya cikin waɗannan.

Kafin ka sayi komai, lissafa amfiyar da kayanka ke ja. Ɗauki igiyar fitilar LED mai ƙwaya samfurin 5050, sittin a kowace mita. Tana cin kusan wat 14.4 a mita, wato mita biyar wat 72 ke nan, a raba da 12V ya ba da amfiya 6. Moto ya fi wuyar sha'ani: wanda ke jan amfiya 1 yana juyawa zai iya jan ninki huɗu ko biyar lokacin tashi ko idan ya maƙale. Da wannan adadi na maƙalewa ake auna na'ura.

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙaramin allon da aka riga aka harhaɗa, mai boliyom da wurin ɗaure waya huɗu. Ga wanda burinsa ya murɗa da hannu kawai, babu dalilin wahalar da kai. Sai dai adadin amfiyar da ake rubutawa a jikinsa sau da yawa na ɗan lokaci ne, saboda haka a ɗauki rabinsa: aikin amfiya 6 yana son allon da aka rubuta 10 ko fiye, mai farantin alminiyom na shan zafi. A duba kuma yawan bugunsa, domin ba kasafai ake iya sauya shi ba.

Yawan bugun nan shi ne abin da masu saye suka fi mantawa, alhali shi ke raba aiki mai kyau da mai ban haushi. Fitila a ƙasa da 200 Hz, wato bugu 200 a daƙiƙa, tana iya yin ƙyaftu, musamman idan mutum ya juya ido da sauri, kuma kyamarar waya tana nuna baƙaƙen layuka har a sama da haka. Daga 1 kHz fitila ta zauna lafiya. Moto kuwa kunne ne alƙalinsa. Tsakanin 500 Hz da 'yan dubbai zai riƙa wani siririn kuka, domin wayoyin cikinsa suna girgiza daidai da bugun. A kai shi kusan 20 kHz, kukan ya fita daga abin da kunnen mutum ke ji.

Zaɓi na biyu shi ne NE555, wani ɗan ƙaramin IC mai samar da bugu, kuma a ganinmu shi ya fi dacewa da wanda ya iya riƙe ƙarfen solda. Yana aiki daga 4.5V zuwa 16V, don haka batirin 12V ɗin da ke ciyar da fitila ya ishe shi. Ana bukatar boliyom na 100k, rezista 1k daga fozitif zuwa ƙafa ta 7, diyod 1N4148 guda biyu da ke raba hanyar cika kafasita da ta zubar da ita, sai kafasitar kanta daga ƙafa ta 2 da ta 6 zuwa nagatif. Yawan bugu kusan haka yake:

```
f = 1.44 / (R x C)
```

Da 100k da 10nF za a samu kamar 1.4 kHz, daidai fitila. A sauya kafasita zuwa 1nF, ya haura 14 kHz. Wani alherin NE555 shi ne ƙafarsa ta 3 tana fitar da kusan 10V idan an ba shi 12V, wanda ya isa ya buɗe mosfet na yau da kullum irin IRFZ44N sosai. Mosfet makunnin lantarki ne mai ƙafa uku, G, D da S, wanda ke ɗaukar nauyin wutar. Iyakarsa kuwa, ba ya kai sifili ko ɗari bisa ɗari cif, kullum akwai ɗan saura a gefe biyun.

Arduino, allon da ake rubuta wa umarni ta kwamfuta, sai idan ana son hasken ya sauya da kansa, bisa lokaci ko wata na'urar ji. A Arduino Uno, umarnin `analogWrite` yana karɓar 0 zuwa 255, yana bugun 490 Hz a ƙafa 3, 9, 10 da 11, da kusan 980 Hz a 5 da 6. Ƙafar ba ta ba da fiye da miliamfiya 20 lafiya, dole mosfet ya ɗauki nauyin. To, a nan ne ake yawan yin saye mara amfani. IRF540N da IRFZ44N suna son 10V a ƙafar G kafin su buɗe gaba ɗaya, Arduino kuma 5V yake da ita. Fitilar za ta kama, mutum ya ɗauka komai daidai ne, bayan 'yan mintuna mosfet ya yi zafin da yatsa ba ya iya taɓawa. Abin saye shi ne IRLZ44N, mai harafin L. A 5V turjiyarsa kusan om 0.025 ce, a amfiya 6 zafin da yake fitarwa 6 x 6 x 0.025, wato wat 0.9, ƙaramin faranti ya wadatar. Wanda ya buɗe rabi-rabi, a ce om 0.3, zai fitar da kusan wat 11. Gwajin mai sauƙi ne: a kai haske ƙarshe, a ɗora mitar auna wuta tsakanin ƙafar D da S. Wajen 0.2V lafiya lau. 1V ko fiye, bai buɗe ba.

A sa rezista om 100 tsakanin ƙafar Arduino da G, da 10k daga G zuwa nagatif don kada moto ya zabura yayin da allon ke tashi. Nagatif ɗin Arduino da na batir dole su haɗu, in ba haka ba hasken zai riƙa rawa ba gaira ba dalili. Ana iya ɗaga bugun ƙafa 9 da 10 zuwa kusan 31 kHz:

```
TCCR1B = (TCCR1B & 0xF8) | 0x01;
```

Sai dai a wannan sauri ƙafar Arduino ba ta cika G da wuri, mosfet yana ƙara zafi, kuma a amfiya masu yawa sai an ƙara direba kamar TC4420.

Ko wace hanya aka bi, moto yana bukatar diyod a tsakanin wayoyinsa biyu, ɓangaren mai zobe yana kallon fozitif. Duk sanda aka yanke wuta, naɗin wayar moton yana harbo wuta mai ƙarfi baya, ita ce ke fasa mosfet, kuma alamar ita ce moto ya tsaya a cikakken gudu, boliyom ba ya yi masa komai. 1N5819 yana ɗaukar amfiya 1, 1N5822 amfiya 3, kuma dukansu sun fi 1N4007 saurin da PWM ke so. Haka nan moto da yawa ba sa tashi a ƙasa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, sai gunji kawai. A Arduino ana ba shi 255 na kamar milidaƙiƙa 200 sannan a sauko. Da boliyom kuwa a murɗa sama tukuna.

Idan ana son moto ya juya gaba da baya, mosfet ɗaya bai isa ba. Cikin direbobin moto da ke yin wannan aiki, L298N yana cinye 2V ko fiye a cikinsa, TB6612FNG ya fi shi tattali amma iyakarsa amfiya 1.2 a kowane moto. Fankar kwamfuta mai waya huɗu kuma ba a datse mata wuta: 12V ɗinta ta zauna yadda take, a aika bugun 25 kHz ta waya ta huɗu.